"Ya Yi Tsawo, A Rage": To, Nawa Za A Rage?

 Ina jin da wuya a sami wani a cikinmu da bai taɓa karɓar takardarsa daga hannun malami ko editan wannan mujalla ba, ya tarar an rubuta masa da jan biro a saman shafin farko: "Ya yi tsawo, a rage." Shi ke nan. Ba a ce a mayar da shi shafi biyar ba, ba a ce kalma dubu ba, ba a kuma ja layi a ƙarƙashin wurin da ya yi tsawon ba. Sai mutum ya koma ɗaki ya tasa takardar a gaba, ya rasa ta inda zai soma.

Ni ba Bahaushiya ba ce. Yarbanci na tashi da shi a gida, Hausa kuwa a makaranta na koye ta, saboda haka kowace jimla da na rubuta da gumin goshi na same ta. Wanda ya sha irin wannan wahala ba ya son a ce ya zubar da ko kalma ɗaya. Duk da haka, abin da ya same ni a zangon karatun da ya wuce ya sa na sauya tunani. Ra'ayina a yau shi ne, idan aka ce a rage rubutu ba a faɗi adadi ba, kuskure ne mutum ya ƙirƙiro wa kansa adadi da ka. Adadin yana nan, sai dai a ɓoye yake a cikin wurin da rubutun zai shiga da kuma aikin da ake so ya yi. Neman sa shi ne aikin farko, yankan ya biyo baya.

Yadda abin ya same ni

A darasin ƙagaggun labarai aka ba ni aikin rubuta maƙala a kan gasar 1933, wato gasar nan da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. An ce kowa zai gabatar da tasa a gaban aji, kuma za a ba da maki a kan rubutun da kuma gabatarwar.

Na zage na rubuta kalma 3,200. Ga yadda na kasa su: gabatarwa kalma 450; tarihin ajami da zuwan boko ƙasar Hausa, har da makarantar Ɗan Hausa ta 1909 a Kano, kalma 700; bayanin ita gasar kanta kalma 500; taƙaita labaran littattafan biyar ɗaya bayan ɗaya kalma 900; sai abin da nake son tabbatarwa, wato cewa marubutan sun gina sabon abu ne a kan tubalan da suka tarar, irin su tatsuniya da tarihin baka da labaran Larabci, kalma 450; kammalawa kuma kalma 200. Na kai wa Malam ina jin daɗi. Bayan kwana biyu takarda ta dawo da kalmomin nan biyar.

A karon farko na bi maƙalar ina tsintar kalma nan da can, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, har na cire kusan 200. Na mayar. Malam ya ɗaga takardar ya juya shafukan, ko karantawa bai yi ba, ya ce, "Har yanzu dai." Raina ya ɓaci, na ce to bari in nuna masa. A karo na biyu na raba kowane sashe biyu na zubar da rabi, maƙala ta koma kalma 1,600. Wannan karon ya karanta, sannan ya dube ni ya ce, "Kin ce sun ɗauko daga tatsuniya da labaran Larabawa. To, ina hujjarki?" Na duba, ashe misalan da suka riƙe maganar duk suna cikin rabin da na zubar. Tarihin ajami, wanda kowa a ajin ya riga ya sani, yana nan da kalma 350, amma zuciyar maƙalar ta koma 225. Garin gyaran gira na rasa ido.

Waɗannan su ne kurakurai biyu da nake ganin yawancinmu muna faɗawa ciki. Na farko, ragewar tsoro, wadda mai karatu ba ya ko lura an yi ta. Na biyu, ragewar fushi, wadda ake yanka kowane sashe daidai da ɗan'uwansa, alhali sassan rubutu ba nauyinsu ɗaya ba.

Adadin yana ɓoye a wani wuri

Wata abokiyar karatuna ce ta buɗe mini ido. Ta tambaye ni, "Ke, minti nawa aka ba kowa ya yi gabatarwa?" Na ce goma sha biyar. Ta ce, "To, karanta mini maƙalar da ƙarfi, ni kuma in duba agogo." Muka gwada da shafi biyu, muka tarar ina karanta Hausa a bayyane, ba tare da gaggawa ba, kimanin kalma 130 a minti ɗaya. Idan aka ninka 130 sau 15, za a sami 1,950. Ke nan maƙalata ta farko za ta ci kusan minti 25, ta biyu minti 23, ta uku kuwa minti 12 da 'yan daƙiƙoƙi. Adadin da na yi kwanaki ina nema ashe yana rubuce a jikin allo tun ranar da aka raba aikin.

Tun daga ranar na fahimci cewa da wuya rubutu ya yi tsawo shi kaɗai a sarari. Tsawo yake yi idan aka gwada shi da wani abu. Idan abin karantawa ne a gaban jama'a ko a rediyo, lokaci ne ma'auninsa, sai mutum ya auna saurin bakinsa, kada ya ari na wani. Idan mujalla ce, fili ne ma'aunin, sai a ɗauko fitowar da ta gabata a ƙirga kalmomin shafi ɗaya cikakke, a kuma duba shafi nawa aka saba ba rubutu irin wannan. Idan tsakure ne na kundin digiri, ai sashe yana da ƙa'idarsa, kuma kundayen waɗanda suka gabace mu suna nan a ɗakin karatu. Idan wasiƙa ce zuwa ga shugaban sashe, ma'aunin shi ne abin da mutum mai tarin aiki zai karanta a zama ɗaya, wanda a ganina bai wuce shafi guda ba.

Akwai kuma lokacin da ba fili ba ne matsalar. Wani sa'in mai karatu yakan ce rubutu ya yi tsawo alhali abin da yake nufi shi ne ya gaji kafin ya iso inda maganar take. Irin wannan, ko an zubar da rabi, muddin aka bar doguwar shimfiɗa a farko, zai sake cewa ya yi tsawo. Alamar da ake gane shi ita ce, idan ka tambaye shi abin da rubutun ke cewa, sai ya kawo maka abin da ke shafin farko kawai. Maganinsa a jawo jigon zuwa gaba, ko da kalmomin da za a rage ba su da yawa.

Ragewa iri uku ce

Abin da ya fi rikita mu, a ganina, shi ne kalmar "rage" tana ɗauke da ayyuka uku mabambanta, kuma kowanne da abin da yake ci.

Na farko shi ne tacewa. Nan ana cire abin da ba ya ɗauke da wani bayani: maimaici, da shimfiɗar da ba ta kai ko'ina, da kalmomi uku a inda ɗaya ta isa. Ga wata jimla daga maƙalata ta farko, yadda na rubuta ta:

"Kamar yadda kowa ya sani, kuma kamar yadda masana da dama suka bayyana a cikin rubuce-rubucensu daban-daban, a shekarar 1933 ne Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin jagorancin Rupert East, ta shirya wata gasa ta rubuta ƙagaggun labarai, wadda kuma ita wannan gasa ita ce ta zama sanadiyyar samuwar littattafai guda biyar waɗanda har yau ɗin nan ake ci gaba da karanta su."

Kalma 64 ke nan. Bayan tacewa ta koma haka:

"A shekarar 1933 ne Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, wadda ta samar da littattafai biyar da ake karantawa har yau."

Kalma 30, kuma ba a rasa ko bayani ɗaya ba. Shekara tana nan, hukuma tana nan, gari da mutum da adadin littattafai duk suna nan. Kada dai wannan misali ya ruɗe mu, domin ita ce jimlar da ta fi kowace kumburi a maƙalar. Da na tace maƙalar gaba ɗaya, abin da ya fita bai wuce kalma 400 ba, wato kashi ɗaya bisa takwas. Tacewa ba ta buƙatar izinin kowa, kuma kowane rubutu yana amfana da ita, amma tana da iyaka.

Na biyu shi ne sassabe, wato sare rassa a bar gangar jiki. Nan kam akwai asara, domin ana cire bayanin da gaskiya ne, mai daɗi kuma, amma jigon zai tsaya ko babu shi. Jimlar nan ta sama za ta iya komawa: "Gasar Hukumar Fassara ta 1933 ta samar da ƙagaggun labarai biyar." Kalma 11. Sai dai Zariya ta tafi, East ya tafi, batun cewa ana karanta littattafan har yau shi ma ya tafi. Ko wannan asara ta dace ko ba ta dace ba, ya danganta ga mai karatu. Ga 'yan ajinmu da suka san labarin, ta isa. Ga ɗan aji ɗaya da bai taɓa jin sunan East ba, an cuce shi.

Na uku shi ne sake gini. Idan aka ce maƙala mai shafi goma ta koma sakin layi biyu, ba ragewa ake nema ba, sabon rubutu ake nema, kamar tsakure. Ba a samun sa ta hanyar goge jimloli daga tsohon. Rufe tsohon ake yi, a rubuta sabo daga abin da ya zauna a kai.

Matsayina shi ne: idan ba a faɗi adadi ba, kuma ba a gano shi ta hanyar lokaci ko fili ba, a yi tacewa har ƙarshenta, a yi sassabe har zuwa inda wuƙa ta fara taɓa hujja, sannan a tsaya. Kada a shiga sake gini sai an nema a fili. Dalilina kuwa, wanda ya ce "a rage" yana son rubutun nan ne da ya gani, ya dai fi shi gajarta. Da wani rubutu daban yake so, da ya faɗa.

Yadda na yanke hukunci a kan kowane sashe

A karo na uku, kafin in taɓa komai, na rubuta a ƙaramar takarda jimla ɗaya tak da ke faɗin abin da maƙalar take son tabbatarwa: marubutan gasar 1933 sun gina ƙagaggen labarin boko a kan tatsuniya da tarihin baka da labaran Larabci. Sannan na bi kowane sakin layi ina yi masa tambaya guda: idan babu kai, mai saurare zai ƙi yarda da wannan jimla, ko zai kasa fahimtar ta? Wanda amsarsa ta zama a'a, na ja masa layi a gefe da fensir.

Tarihin ajami da boko shi ya fi shan wuƙa, daga 700 zuwa 200. Na bar abin da ke nuna cewa marubutan sun san karatun Larabci kafin su kama boko ko tare da shi, domin wannan yana tallafa wa jigon. Sauran na ajiye. Gabatarwa ta sauko daga 450 zuwa 150, saboda rabinta alkawarin abin da zan faɗa ne, sauran kuma godiya da ma'anar adabi. Bayanin gasa ya ragu kaɗan, daga 500 zuwa 400. Taƙaita labarai ta koma 450 daga 900, kuma a nan ban raba wa littattafan biyar daidai ba. Na tsaya a kan uku da suka fi nuna abin da nake faɗa: Ruwan Bagaja da yawon neman ruwan magani da wasan wayo tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, Ganɗoki da yadda ya haɗa yaƙe-yaƙen zuwan Turawa da duniyar aljanu, Shaihu Umar kuma da zamanin bauta da ƙetare Sahara. Sauran biyun jimla bibbiyu suka samu. Kammalawa ta koma 100.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne sashen hujja. Maimakon ya ragu, ƙaruwa ya yi, daga 450 zuwa 600, domin filin da na samu ya ba ni damar kawo misali ɗaya cikakke daga kowane littafi. Jimilla maƙala ta tsaya a kalma 1,900. Na rage 1,300, wato kimanin kashi 40 cikin 100, na karanta ta a ƙasa da minti 15, kuma ta fi ta farko ƙarfi. Ita ce Malam ya karɓa.

Ga alamar da nake gane cewa na kai iyaka. Muddin abin da nake cirewa yana sa jigon ya ƙara fitowa, da sauran aiki. Da zarar na ga wata magana ta tsaya ba misali a bayanta, ko kuma na ji dole in yi wa mai karatu ƙarin bayani da baki kafin ya gane, to na wuce gona da iri, sai in mayar da abin da na cire na ƙarshe. Shi ya sa ba na goge komai kwata-kwata. Nakan kwashe shi in ajiye a wani shafi daban har aiki ya ƙare.

Tarkon da ke jiran mai rage Hausa

Akwai wasu ramuka da suka keɓanta ga harshen da muke nazari, kuma mu da muka koye shi da girma mun fi saurin afkawa cikinsu.

Na farko, ƙananan kalmomin nan: dai, fa, kam, kuwa, ma, kuma. Mai neman rage adadi yakan gan su kamar ƙura, ya share. Amma "Bello Kagara ma ya kawo aljanu" tana nufin akwai wani da ya riga ya kawo su. Idan aka cire "ma", kwatancin ya mutu. Idan kuma aka bar ta aka cire jimlar da ta gabace ta, mai karatu zai yi ta neman wanda ake kwatanta shi da shi. Haka "kuwa" take ɗaura jimla da 'yar'uwarta. Rubutun da aka kwashe masa waɗannan yakan koma kamar miya ba gishiri, ko da nahawunsa daidai ne.

Na biyu, lamirin lokaci. Muna cewa "A 1933 ne suka shirya gasar", domin an jawo shekarar gaba an ƙarfafa ta da dirka. Idan aka cire ƙarfafawar aka mayar da shekarar baya, dole "suka" ta koma "sun": "Sun shirya gasar a 1933." A ragewata ta fushi na bar jimloli da dama suna farawa da "suka" ba tare da abin da ya jawo ta ba, kuma duk mai jin Hausa zai ji sun yi karo a kunnensa.

Na uku, wakilin suna da lamirin jinsi. Na taɓa goge jimlar da ta ambaci Hukumar Fassara, sai ga "ta shirya" tana bin jimlar da ke magana a kan East. Mai karatu zai tsaya yana tambayar wace ce wannan. Duk inda aka yanka, a duba jimlar da ke gaba da wadda ke baya, a tabbata kowane "ya" da "ta" da "su" yana da mai shi.

Na huɗu, rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. "Kuka" a takarda tana iya zama itace, ko zubar da hawaye, ko lamirin jam'i. "Gari" yana iya zama na mutane ko na tuwo. Kalmomin da ke kewaye da su ne suke warwarewa, saboda haka jimlar da aka matse ta ƙwarai tana iya zama mai harshen damo.

Na biyar, wanda ya fi haɗari, kalmomin taka-tsantsan irin su "wasu", "galibi", "wataƙila". Tsakanin "wasu masana sun ce" da "masana sun ce" kalma ɗaya ce, amma ta biyun ta ɗora wa kowa maganar da wasu ne kawai suka yi. Wannan ya fita daga ragewa, ya shiga faɗin abin da ba haka yake ba.

Me ya hana a tambaya?

Na san wani zai ce duk wannan dogon lissafi ne, ai matambayi ba ya ɓata, a koma a tambayi wanda ya ce a rage. Na yarda, kuma da na yi haka tun farko da ban ɓata mako guda ba. Kunya ce ta hana ni, da tsoron kada a ce ban iya ba. Amma tambaya ma tana da yadda ake yin ta. Sau da yawa wanda ya ce a rage shi kansa ba shi da adadi a ransa, ji kawai ya yi abin ya yi masa yawa. Idan aka ce masa "kalma nawa?" zai iya cewa "ke dai ki duba", ko ya jefo adadin da bai auna ba. Tambayar da na ga tana haifar da amsa ita ce irin wannan: "Allah ya gafarta Malam, wane sashe ne kuka ga ya fi jan lokaci?" ko kuwa "Malam, ina tunanin cire tarihin ajami in bar misalan littattafai, ko hakan ya yi?" Wanda aka kawo wa shawara a shirye, amsa ba ta yi masa wuya.

Wasu kuma suna da ƙa'idar da suka riƙe, wai kullum a cire kashi ɗaya bisa uku. Ban yarda da ita ba. Maƙalata ta buƙaci fiye da haka. Wata takarda da aka riga aka tace, cire mata kashi ɗaya bisa goma ma zai taɓa ƙashinta. Kowane rubutu da irin kitsen da ke jikinsa, kuma sai an duba ake sani.

Idan kuma rubutun wani ne aka ba ka ka rage, kamar yadda 'yan kwamitin wannan mujalla suke yi, to hattara ta ninku. Tace yadda kake so, amma kafin ka sare reshe, sanar da mai shi. Abin da ka ɗauka ado ne, wataƙila shi saboda shi ya yi rubutun. Ni yanzu duk lokacin da na mayar da takarda nakan haɗa da layi biyu: daga kalma kaza zuwa kaza, na cire kaza da kaza, idan ana son ƙarin ragi sashe kaza ne zai biyo baya. Wannan yana sa wanda ya nema ya ga abin da aka yi, ya kuma yanke hukunci cikin minti ɗaya.

Kammalawa

Ina da roƙo ga malamanmu da editocinmu, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan za ku ce a rage, ku ƙara mana ko da rabin layi: shafi nawa, ko minti nawa, ko kuma daga ina kuka fara gajiya. A wurinku daƙiƙa goma ce, a wurin ɗalibi kuwa tana iya zama kwana uku, musamman wanda ke lalube cikin harshen da ba a haife shi da shi ba.

Mu kuma ɗalibai, ranar da jan biron nan ya sake zuwa, kada mu fara da gogewa. Mu fara gano inda rubutun zai shiga da wanda zai karanta shi, mu auna da agogo ko da shafi, mu rubuta jigonmu a jimla ɗaya, sannan mu bar kowane sakin layi ya kare kansa a gaban wannan jimla. Bayan an gama, a karanta da ƙarfi a gaban wanda ya fi mu jin Hausa, domin kunne yana kama "suka" da ta rasa gindi da "ta" da ta rasa mai ita fiye da yadda ido yake kamawa. Kalma 500 ɗin nan na tarihin ajami da na cire ba su ɓata ba. Suna nan a ajiye, kuma da su na fara babi na biyu na kundina. Allah ya ba mu sa'a, amin.